Daga dila zuwa yadi: nawa atamfa ta tsaya maka, nawa ya kamata ka sayar?

Mutum ya sari dilar atamfa a kan 900,000. A ciki akwai turmi 100, kowane turmi yadi 6, jimla yadi 600. Ya ɗauki waya ya raba, ya ga yadi ya tsaya masa 1,500. Sai ya ɗora 300 a kai, ya ce zai riƙa yankawa a 1,800, ya lissafa wa kansa ribar 180,000 tun kayan ba su iso shago ba. Bayan wata biyu kanta ta yi fayau, kaya sun ƙare, ya zauna ya ƙirga abin da ke hannunsa, sai ya tarar babu riba ko ta sisi. Ba a yi masa sata ba, bai ci bashin kowa ba, kuma bai sayar ƙasa da farashin da ya yanka ba sai a ƴan kayan da dole ta sa. Ina kuɗin suka shiga?

Amsar tana cikin waccan rabawar ta farko. Adadin da ya sa a sama bai cika ba, wanda ya sa a ƙasa kuma ya yi yawa. Dila ba ta tsaya masa 900,000 ba, kuma yadin da ya kawo masa cikakken kuɗi bai kai 600 ba. Bari mu bi wannan dilar daga inda aka saro ta har zuwa ƙyallen ƙarshe. Lambobin duk na misali ne, ka ɗauke su a kowane irin kuɗi kake ciniki da shi, abin da ake so a gani shi ne tsarin lissafin.

Kuɗin sama shi ne mai sauƙin, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. Duk abin da aka kashe daga lokacin da aka biya kuɗin dila har ta sauka a ƙofar shago, a kan atamfar yake hawa. A ce masu lodi sun karɓi 4,000, kuɗin mota 30,000, saukewa da dako zuwa shago 6,000. Akwai kuma tafiyar mai kayan da kansa, wadda mutane da yawa ba sa lissafawa saboda daga aljihu suka fitar, ba daga kuɗin kaya ba. Kuɗin motarsa zuwa da dawowa da masauki da sauransu sun ci 40,000, amma dila biyu ya saro a tafiyar, don haka kowace ta ɗauki 20,000. Jimlar ɗawainiya 60,000 ke nan. Dila ta sauka a 960,000, turmi ya koma 9,600, yadi 1,600. Idan akwai la'adar dillali, ko haraji ga wanda ya tsallako iyaka da kaya, nan ne gurbinsu.

Wani abu da ya kamata a lura da shi a nan: mai mota nauyi da girma yake dubawa, ba ruwansa da tsadar abin da ke cikin dila. Wannan 60,000 ɗin a kan dilar 900,000 bai kai kashi 7 cikin 100 ba, amma da dilar ƙaramar atamfa ce ta 300,000, da ya zama kashi 20. Shi ya sa mai sayar da kaya masu araha ya fi jin zafin ƙarin kuɗin mota, kuma shi ne ya fi buƙatar haɗa dila da yawa a tafiya guda.

Yanzu sai adadin ƙasa, kuma a nan ne aikin yake. Kafin komai, a tabbatar yadi 600 ɗin suna nan da gaske. Yadi inci 36 ne, wato mita 0.9144, saboda haka cikakken turmi inci 216 ne, kusan mita biyar da rabi. Idan aka samu turmin da aka yanke a mita 5 cif, a ido ba za ka bambanta shi da cikakke ba in yana naɗe, amma a awo bai kai yadi biyar da rabi ba. Dilar da duk turamenta haka suke ta rasa yadi sama da 50 tun kafin a kwance ta. Ba sai an warware turmi ɗari ba kafin a gane. A zaro goma daga wurare daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, a auna da tef. In akwai sikeli ma ya fi sauri: turame iri ɗaya nauyinsu kusan ɗaya ne, wanda ya yi sauƙi a cikinsu shi za a warware a duba. Wannan aiki ne na ranar da kaya suka sauka, domin ƙorafin da aka kai wa mai sari bayan wata guda ba ya da ƙarfi. A misalinmu za mu ɗauka awo ya cika.

Da aka kwance dilar, sai aka tarar turmi 4 suna da aibi. Biyu na gefe sun sha ruwa a hanya sun yi tabo, ɗaya ƙugiyar masu lodi ta huda shi, kuma da yake a naɗe yake, huda ɗaya ta fito a wurare da yawa in an shimfiɗa. Na huɗun aibinsa daga masana'anta ne, launi ya kauce daga layin zanen. A nan sai an yi hattara, kada a ɗauki abin da ba aibi ba a matsayin aibi. Atamfar da aka yi da kakin gaske tana da ƴan jijiyoyi da ɗige-ɗige inda rini ya ratsa, kuma fuska da baya kusan ɗaya suke, wannan adonta ne, masu saye ma shi suke nema. Aibi shi ne tabo, huda, zare da ya zare, ko wurin da launi bai kama ba sam. Turamen nan huɗu ba zubar da su za a yi ba, za su tafi, amma a rabin kuɗi. Yadi 24 ne a awo, a aljihu kuwa tamkar yadi 12 ne.

Wannan ita ce dabarar da ta fi sauƙaƙa lissafin asara: maimakon a tsaya ƙirga kuɗin da aka rasa, sai a mayar da kowane kaya zuwa yawan yadin da ya kawo cikakken farashi. Abin da aka sayar a rabin kuɗi, rabinsa ake ƙirgawa. Abin da aka sayar da ragin kwata, kashi uku cikin huɗu ake ƙirgawa. Amfanin yin haka shi ne lissafin yana tsayawa ko da farashi bai fito ba tukuna, tunda farashin ne ake nema.

Sai kwantai. Dila takan zo da zane da launi gauraye, kuma mai sari ba ya bari ka tsince masu kyau ka bar masa sauran. A cikin kowace akwai waɗanda suke tashi a makon farko, akwai waɗanda za su zauna har naɗinsu ya dusashe. A ce turmi 8 ne suka ƙi tafiya sai da aka rage musu kwata. Yadi 48 sun koma 36. A ganina wannan ita ce asarar da aka fi rainawa, domin kayan suna nan a kanta, mai shago yana ganinsu kullum yana ƙirga su a dukiya, alhali kuɗin da ya kamata su juya sau biyu ne suke kwance.

Saura turmi 88 lafiyayyu. A ce 58 an sayar da su a dunƙule, yadi 348 ke nan babu ko inci da ya salwanta. Ragowar 30 su ne aka yanka wa masu sayen yadi, kuma a nan almakashi yake cin nasa rabon ta hanya biyu.

Ta farko ita ce ƴan incin da ke tafiya a kowane yanka. Ba wanda yake yanka a kan layi cif. Mai saye yana tsaye yana kallo, dole a saki hannu kaɗan don kada ya je wurin tela a ce masa bai cika ba, in kuma yankan baya ya karkace sai an daidaita bakin. A ce inci ɗaya ne kacal a kowane yanka. Turmin da aka raba yadi bibbiyu yana shan yanka biyu, kashi na ukun sai ya fito inci 70 a maimakon 72. Inci biyu ba komai ba ne, amma wannan yankin ya daina zama yadi biyu, kuma mai saye da ya auna zai nemi ragi. Haka kuma takardar tambarin da ake mannawa a fuskar turmi wani lokaci takan bar gam a jiki, yankin da ta faɗa a kansa sai an lallashi mai saye.

Ta biyu, wadda ta fi ciwo, ita ce ragowa. Wanda ya sayi yadi 4 ya bar maka 2, wannan zai samu mai so. Wanda ya sayi 5 ya bar maka 1. Mutum biyu da suka sayi biyu da rabi kowanne, su ma 1 suka bari. Yadi ɗaya na zanen da babu sauran irinsa a shago ƙyalle ne, sai dai a haɗa wa tela ko mai ɗinkin kayan yara a rabin kuɗi. Atamfa ta bambanta da yadin da ke zuwa a dogon bandir ta wannan fuskar. A bandir mai yadi da yawa sau ɗaya ake samun ragowa, a can ƙarshe. A atamfa kuwa kowane yadi shida yana da nasa ƙarshen, saboda haka turmi 30 ƙarshe 30 ne. Mu ɗauka a matsakaici kowane turmin da aka yanka ya ba da yadi 5 a cikakken kuɗi, na shidan ya tafi a rabi. Biyar da rabi sau 30, yadi 165. A cire yadi ɗaya da aka yanka aka jiƙa don a ga ko atamfar tana zuba ko tana tsukewa, saura 164. Wannan yadi ɗayan, in ka tambaye ni, shi ne asarar da ta fi kowace amfani, don ya fi a ce mai saye ne ya gano maka bayan ya kai ɗinki.

In aka tara: 12 daga masu aibi, 36 daga kwantai, 348 daga dunƙulallu, 164 daga yankakku. Yadi 560. Arba'in sun ɓace, ba tare da ko ɗaya ya bar shago ba a biya ba sai na gwaji. A raba 960,000 da 560, yadi ya tsaya 1,714.

A lura cewa rabawa aka yi, ba ɗorawa ba. Wani zai ce asara kusan kashi 7 ce, bari ya ƙara kashi 7 a kan 1,600. A ƙaramar asara bambancin ba shi da yawa, amma yana buɗewa in asara ta girma. Da kashi 20 ne ya lalace, mai ɗorawa zai samu 1,920, alhali gaskiyar lissafi ita ce 960,000 a raba da 480, wato 2,000. Dalili kuwa yadin da suka tsira su kaɗai ne za su ɗauki nauyin waɗanda suka mutu, kuma sun ragu.

Har yanzu ba a gama da kuɗin sama ba, akwai na zama. Haya, albashin yaron shago, leda, wuta, duk suna tafiya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A ce suna cin 72,000 a wata, kuma kayan da ke shagon kimanin dila uku ne, kowace ta ɗauki 24,000 a wata. Dilarmu ta yi wata biyu kafin ta ƙare, nata 48,000 ne. Jimla ta koma 1,008,000. A raba da 560, ya ba da 1,800 daidai.

To ga inda ribar mutuminmu ta shiga. Farashin da ya ɗauka uwa da riba ne, ashe uwar kuɗi ce kawai. Wata biyu ya yi yana yi wa mai mota da mai karɓar hayar shago da almakashi aiki. Kuma da dilar ta kai wata huɗu, da kuɗin zama ya zama 96,000, yadi ya tsaya kusan 1,886, da kowane yadi da ya yanka a 1,800 faɗuwa ce. Saurin tafiyar kaya yana cikin farashinsu, ko da ba a rubuce yake a takardar sari ba.

Daga 1,800 ne ake fara maganar riba, kuma a nan ma akwai wani ruɗani da ya zama ruwan dare. Idan mutum ya ce yana son ribar kashi 20, kashi 20 na me? In na abin da ya kashe ne, sai ya ɗora 360, ya sayar 2,160. Amma 360 a cikin 2,160 bai kai kashi 17 na cinikin ba. In kuwa so yake a duk 100 da ta shigo aljihu 20 ta zama tasa, to 1,800 ɗin shi ne kashi 80 na farashi, sai a raba shi da 0.8, a samu 2,250. Duka biyun lissafi ne ingantacce, matsalar ita ce a yanka farashi da na farko sannan a riƙa cire kuɗin cefane da na biyu. Wanda yake cire 20 daga kowace 100 ta ciniki alhali a 2,160 yake sayarwa, uwar kuɗi yake gutsira a hankali bai sani ba. Mu tsaya a 2,250. Yadi 560 a wannan farashi sun kawo 1,260,000, a cire 1,008,000, riba 252,000.

Sai dai 2,250 matsakaici ne na dila gaba ɗaya, kuma ba a sayar da turmi da yadi a ma'auni guda. A wannan lissafin turmi zai kama 13,500. A ce maƙwabta suna bayarwa a 13,000, kai ma dole ka sauko, domin farashin turmi kowa ya san shi kuma mai saye yana iya zagayawa ya kwatanta. Turmi 58 a 13,000 sun kawo 754,000. Kwantai 8 a 9,750 sun kawo 78,000. Masu aibi 4 a 6,500 sun kawo 26,000. Jimla 858,000. Don a kai 1,260,000, saura 402,000, kuma daga yadi 164 na yanka za su fito. Yadi ya koma kusan 2,450. Ragin 500 a turmi ya haifar da ƙarin 200 a yadi.

Mai saye zai lissafa ya ce yadi shida a 2,450 ai 14,700 ne, me ya sa turmi yake 13,000? Ba zalunci ba ne. Wanda ya ɗauki turmi ya tafi da ƙarshensa, bai bar wa kowa ƙyalle ba, ciniki ɗaya leda ɗaya. Wanda ya sa aka yanka shi ne ya jawo ragowa, daidai ne farashinsa ya ɗauki nauyinta. Wasu ma sukan bambanta a cikin yankan kansa: yadi 2 ko 3 ko 4 a farashi ɗaya, domin abin da suka bari yana sayuwa, mai neman 5 kuwa a ce masa ya cika ya ɗauki turmin, ko ya biya ɗan ƙari. In kasuwa ta ƙi karɓar 2,450, zaɓin da ya rage shi ne a rage yawan turamen da ake yankawa, ko a haƙura da riba ƙasa da kashi 20, amma a san an haƙura.

Inda ake ciniki da tayi kuma, farashin da ake buɗe baki da shi daban, wanda ake sallamawa daban. Duk lissafin da muka yi na sallamawa ne. Idan a bisa al'adar masu sayenka sukan zaftare kusan kashi 10 daga abin da ka faɗa, kuma kana son tsayawa a 2,250, to 2,500 za ka faɗa, ba 2,475 ba, don nan ma rabawa ce da 0.9. Lambobi uku ke nan ya kamata yaron shago ya haddace: na buɗe baki, na sallama, da 1,800 wanda ƙasa da shi sai dai a ce albarka, in ba kwantai ake son kawarwa ba.

Ta yaya mutum zai san nasa adadin, tunda 560 ɗin nan na misali ne? Daga dilar da ta wuce. Shafi ɗaya ya isa: ranar da ta sauka, ranar da turmin ƙarshe ya fita, turmi nawa aka karya wa farashi da nawa, da buhun ƙyalle da aka auna a ƙarshe. Hanya mafi gajarta ma ita ce a ɗauki jimlar kuɗin da dilar ta kawo a raba da farashin yadin da aka riƙa sallamawa, abin da ya fito shi ne yadin da suka biya. Mutuminmu da ya yi haka, 1,008,000 a raba da 1,800, da ya ga 560 ƙuru-ƙuru. In dila uku a jere suna ba da adadi kusa da juna, an samu ma'auni. In wata ta faɗo ƙasa sosai ba tare da ruwa ko kwantai ba, sai a duba tef ɗin awo da hannun mai yanka, sannan a duba littafin bashi, domin yadin da aka ba da bashi bai dawo ba shi ma cikin ɓatattu yake.

Saura abu ɗaya da ke iya rushe duk wannan ko da an yi shi daidai. Ana sayar da dilar jiya ne don a sayi ta gobe. A ce kafin kaya su ƙare farashin sari ya tashi da kashi 10, dila ta koma 990,000. Da ɗawainiyar 60,000, sabuwar za ta sauka a 1,050,000. Wanda ya samu 1,260,000, bayan ya biya 48,000 na shago ya mayar da kaya kanta, 162,000 ne zai rage masa, ba 252,000 ba. Sauran 90,000 ɗin riba ce a takarda, amma in ya ci ta ba zai iya cika kantarsa kamar da ba. Shi ya sa masu kaya suke ɗaga farashin tsohon kaya da zarar sun ji sari ya motsa, abin da masu saye suke gani kamar haɗama. A sabon farashin, uwar kuɗin yadi ta tashi daga 1,800 zuwa kusan 1,961, kuma daga ranar da labari ya zo, da wannan ake auna ragowar turamen da ke shago. Mutuminmu na farko kuwa, 960,000 ne a hannunsa bayan ya sallami shago. Zai isa wurin sari da gibin 90,000, wato ko ya ci bashi, ko ya dawo da turmi 90 da ƴan kai a maimakon ɗari.